Yadda za a sa layin bashi ya koma ja da kansa idan ranar biya ta wuce

Duk ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi ya san ba rubuta bashin ne ke da wuya ba. Wahalar tana wajen tuna wanda ranarsa ta cika. Muddin masu karɓar kaya ba su wuce goma ba, ka a wuya ya isa. Amma idan suka kai ɗari, kowa da tasa ranar, wani ya biya rabi, wani ya ce sai bayan kasuwar Laraba, to ko an mayar da littafin cikin kwamfuta sai an zauna ana bin layi ɗaya bayan ɗaya da ido ana lissafin kwanaki. Manhajar Excel da takwararta Google Sheets suna da hanyar ɗauke wannan aiki. Ana iya kafa musu ƙa'ida cewa duk layin da ranarsa ta wuce a shafa masa launi tun daga suna har ƙarshe, kuma kowace safiya su sake dubawa da kansu. Wurin da ake yin wannan a Excel shi ne Conditional Formatting. Fomular da ake bukata gajeruwa ce ƙwarai, sai dai alamar dala guda ɗaya da ke cikinta ita ce ke raba wanda aikinsa ya yi kyau da wanda takardarsa ta dame da launi.

Bari mu ɗauki littafin wani mai sayar da kayan masarufi a sari. Kowane mai karɓar kaya yana da layinsa a kwance, layukan kuma suna da lambobi. Daga sama zuwa ƙasa akwai ginshiƙai masu haruffa: A na mai saye, B na kaya, C na kuɗin kaya, D na ranar biya, E na abin da aka riga aka biya. Layi na 1 na kanun bayani ne, saboda haka bashin farko yana layi na 2.

```
   A                 B        C       D           E
2  Mai shayi         Madara   48000   10/03/2025  48000
3  Mai gidan abinci  Shinkafa 150000  15/03/2025  60000
4  Mai kanti         Sabulu   35000   02/04/2025
5  Mai burodi        Fulawa   90000   20/03/2025
```

Mu ƙaddara yau 20 ga Maris, 2025.

Kafin a taɓa launi, akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani game da kwanan wata. Excel ba ya riƙe shi a matsayin rubutu. Lamba yake ajiyewa, wato yawan kwanakin da suka shuɗe, inda 1 ga Janairun 1900 take lamba 1. A wannan ƙirga, 1 ga Janairun 2025 ita ce 45658, 15 ga Maris ita ce 45731, 20 ga Maris kuma 45736. Abin da ido ke gani mai rana da wata da shekara riga ce kawai aka sa wa lambar. Don haka tambayar ko rana ta wuce tambaya ce mai sauƙi a wurin na'ura: shin wannan lamba ta gaza ta yau? Ita kuwa lambar yau ana samunta da `TODAY()`, wadda ke karanto ranar daga agogon kwamfutar.

Matakan ba su da yawa. A danna akwatin A2, a ja zuwa E200, ko duk inda ake zaton littafin zai kai, ta yadda wurin duka zai zama zaɓaɓɓe. A tabbata daga A2 aka fara jan, za mu ga dalili nan gaba. Daga nan a shiga Home, sai Conditional Formatting, sai New Rule, a zaɓi na ƙarshe a jerin, wato Use a formula to determine which cells to format. A cikin gurbin da ya bayyana a rubuta:

```
=$D2<TODAY()
```

Sai a danna Format, a shiga Fill, a zaɓi launi. Ni dai ja mai haske nake so, irin wanda baƙin rubutu ke fitowa sarai a kansa, domin ja mai duhu yana haɗiye lambobi, idan aka buga a takarda kuma sai layin ya zama dunƙulen baƙi. A Google Sheets hanyar ita ce Format, sai Conditional formatting, a rubuta A2:E200 a Apply to range, a zaɓi Custom formula is, a sa fomular nan dai ba tare da canji ba.

Wani zai ce ai akwai A Date Occurring a ƙarƙashin Highlight Cells Rules, me zai sa a wahala da fomula? Wancan akwatin ranar kaɗai yake shafa wa launi, ba ya taɓa suna ko kuɗi, kuma zaɓinsa irin su jiya ne da kwana bakwai da suka wuce da watan jiya. Bashin da ya yi wata uku ya fice daga cikinsu, alhali shi ne ya fi bukatar a gan shi.

Yanzu ga zuciyar maganar. Fomula ɗaya aka rubuta, amma wurin da aka zaɓa yana da akwatuna kusan dubu. Excel yana ɗaukar cewa an rubuta fomular ce domin akwatin farko, A2, sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana sake karanta ta, yana gusar da adireshin gwargwadon yadda ya gusa. Idan ya sauka ƙasa da layi ɗaya, 2 ta koma 3. Idan ya matsa dama da ginshiƙi ɗaya, D ta koma E. Alamar dala tana hana wannan gusawa ga duk abin da ta tsaya a gabansa. A `$D2` tana gaban harafi ne, ba ta gaban lamba. Ke nan ginshiƙin ya kafu, layin kuma an bar shi ya bi tafiya. Kamar mai shago ne da ya ɗora yatsa a kan jerin ranaku a littafinsa yana saukowa da shi: yatsan na sauka daga layi zuwa layi amma ba ya kaucewa zuwa jerin kuɗi ko na suna.

A layi na 3, akwatin A3 zai tambayi D3. B3 ma D3 zai tambaya, haka C3 da D3 da E3. Su biyar ɗin amsa ɗaya za su samu, cewa 45731 ta gaza 45736, shi ya sa su biyar za su yi ja tare. A layi na 4 kuwa duka biyar D4 za su duba, su tarar 2 ga Afrilu ba ta zo ba, su zauna fari. Irin wannan adireshi mai rabi a kafe rabi a sake shi ke sa launin ya miƙe a kwance cikin layi guda.

Hanya mafi kyau ta gane amfanin alamar ita ce a ga abin da ke faruwa idan an sa ta ba daidai ba, domin kowane kuskure yana barin irin tasa shaidar a fuskar takarda.

A ce an manta da ita gaba ɗaya, an rubuta `=D2<TODAY()`. Ginshiƙin A kaɗai zai yi daidai, tun da shi ne ke duban D. Da an matsa zuwa B, fomular ta gusa zuwa E, wato ta koma gwada kuɗin da aka biya da lambar yau. Mai gidan abinci ya biya 60000, wadda ta fi 45736, don haka B3 zai zauna fari duk da ranarsa ta wuce. Mai kanti bai biya komai ba, akwatinsa fanko ne, Excel kuma yana lissafa fanko a matsayin sifiri, sai B4 ya yi ja alhali saura masa kusan mako biyu. Ginshiƙan C da D da E kuwa sun koma duban F da G da H, inda babu komai, saboda haka za su yi ja daga sama har ƙasa. Na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta naira da kwanan wata duk lambobi ne. Duk wanda ya ga launi ya fito dabbare-dabbare cikin layi ɗaya, wani akwati ja wani fari, to harafin ne ba a kafe ba.

A ce kuma an sa dala biyu, `=$D$2<TODAY()`. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma da hannun Excel a ciki, domin idan mutum ya danna akwatin D2 da linzami maimakon ya rubuta adireshin, da dala biyu yake shigar da shi. A nan ginshiƙi da layi duk sun kafu, kowane akwati a takardar ranar mai shayi yake dubawa. Tun da 10 ga Maris ta wuce, takardar duka za ta yi ja. Da ranarsa ba ta wuce ba, babu layin da zai yi ja ko da wani ya shekara bai biya ba, kuma wannan ya fi haɗari, don mai shago zai zaci komai lafiya. Maganin yana maɓallin F4. Idan alamar rubutu tana kan adireshin, kowace dannawa tana juya shi: daga `$D$2` zuwa `D$2`, zuwa `$D2`, zuwa `D2`. Dannawa biyu ke nan daga abin da Excel ya shigar. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da Fn, in kuma abin ya ƙi, a goge dala ta biyun da hannu, ba wani abu ba ne.

Akwai kuskure na uku da dalar ke daidai amma launin ya sauka a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Yana faruwa idan mutum ya zaɓi ginshiƙan duka ta hanyar danna haruffan da ke sama, A zuwa E. Zaɓin ya fara ke nan daga layi na 1, fomular kuma tana cewa 2, sai kowane layi ya riƙa karanta ranar na ƙasa da shi. Kanun bayani zai yi ja saboda ranar mai shayi, mai shayi ya yi ja saboda ranar mai gidan abinci, shi kuwa mai gidan abinci ya zauna fari saboda ranar mai kanti yake dubawa. Lambar da ke cikin fomula dole ta zama lambar layin da zaɓi ya fara. Haka nan idan aka ja zaɓin daga ƙasa zuwa sama, akwatin da Excel ke auna fomular da shi ya zama na ƙasan, har wani lokaci a tarar lambar layin cikin fomula ta koma wata mai yawan gaske, sama da miliyan. Ana duba wannan a Manage Rules: a kwatanta fomular da abin da ke rubuce a Applies to, a ga lambar farko ta zo ɗaya.

To, a ce duk an kauce wa waɗannan, an danna OK. Layi na 2 da na 3 sun yi ja, na 4 da na 5 fari, amma daga layi na 6 har na 200, inda ba a rubuta komai ba, duk sun yi ja. Dalilin shi ne wanda muka ambata: fanko sifiri ne, sifiri kuwa ya gaza 45736. Sannan mai shayi ya biya kuɗinsa cif, bai kamata ya ci gaba da zama cikin ja ba. Ashe tambayar da mai shago yake yi sharuɗɗa uku gare ta: akwai rana a rubuce, ranar ta wuce, kuma abin da aka biya bai kai kuɗin kaya ba. `AND` ita ce ke haɗa su, ba ta amsa e sai duka sun cika.

```
=AND($D2<>"",$D2<TODAY(),$E2<$C2)
```

Alamar `<>` tana nufin ba daidai yake da shi ba, alamomin zance biyu da babu komai tsakaninsu kuma suna nufin fanko. A lura kowane adireshi a ciki, na D da na E da na C, dala ɗaya gare shi a gaban harafi. In aka manta da ta ɗaya, dabbare-dabbaren nan zai dawo. Da wannan fomula, a ranar 20 ga Maris mai gidan abinci kaɗai zai yi ja, da saura 90000 a kansa. Ranar da ya cika kuɗin aka gyara E3 ta koma 150000, launin zai ɓace nan take.

Wasu sun fi son su buɗe ginshiƙi su riƙa rubuta "an biya", fomular ta nemi wannan kalma. Yana aiki, amma ban cika son sa ba. Yaron shago zai rubuta "ya biya" yau, gobe "anbiya", jibi ya bar tazara a ƙarshen kalmar da ido ba ya gani, kowanne kuwa a wurin na'ura wani abu ne dabam. Gwada kuɗi da kuɗi ya fi tsafta, ga shi yana kama wanda ya biya rabi.

Saura mai burodi, wanda ranarsa yau ce. Alamar `<` ba ta kama shi ba, domin 45736 ba ta gaza 45736 ba, sai gobe 21 ga wata zai yi ja. A ganina haka ya dace, mutumin da aka ce ya biya ranar 20 yana da har dare. Wanda yake son a tuna masa tun da safe sai ya mayar da ita `<=`. Abin da za a guje wa shi ne sa `NOW()` a madadin `TODAY()`. Ita tana haɗawa da sa'a da minti a matsayin ɓarin lamba, ta yadda ƙarfe goma sha biyun rana ta 20 ga Maris take 45736.5, sai mai burodi ya wayi gari cikin ja ba tare da mai shago ya yi nufin haka ba.

Matsalar da ta fi ɓoyuwa ba a fomula take ba, a ranakun da aka shigar take. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba. A irin wannan na'ura, idan aka rubuta 02/04/2025 da nufin 2 ga Afrilu, 4 ga Fabrairu za ta ajiye, mai kanti ya yi ja tun ranarsa ba ta zo ba. Idan aka rubuta 15/03/2025 kuwa, babu wata na goma sha biyar, sai ta bar shi a matsayin rubutu zalla. A wurin Excel kuma kowane rubutu ya fi kowace lamba girma idan ana gwada su, don haka layin mai gidan abinci ba zai taɓa yin ja ba har abada. Alamar farko ita ce inda ranar ta jingina: in ba a canza daidaiton akwatin ba, kwanan wata na gaske yana manne wa dama, rubutu yana manne wa hagu. Domin tabbatarwa, a rubuta `=ISNUMBER(D3)` a wani akwati fanko. In ya ce FALSE, ba rana ba ce. Ana ma iya kafa ƙa'ida ta biyu a kan wurin nan dai, da launin rawaya, domin ta riƙa tona irin waɗannan:

```
=ISTEXT($D2)
```

Wannan ba za ta kama ranar da aka juya wata da rana ba, domin ita lamba ce sosai. Dabarar ita ce a sa ginshiƙin D ya riƙa nuna sunan wata: a zaɓe shi, a shiga Format Cells, a Custom a rubuta `d-mmm-yyyy`. Da an shigar da 02/04/2025 aka ga Feb ta fito, an san saitin na'urar ne ke bukatar gyara.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne gurbin rubuta ƙa'idar ba ya nuna amsa, launi kawai ake gani ko rashinsa. Saboda haka kafin a kai fomula can, yana da kyau a gwada ta a fili. A rubuta ta a G2, a ja ta ƙasa zuwa G6, za a ga TRUE da FALSE a jere, a kwatanta da abin da aka sani. Sannan a ja ta dama zuwa H da I. Idan amsoshin kowane layi sun zo iri ɗaya a kwance, dalolin suna wurinsu. Bayan nan a kwafe ta zuwa ƙa'idar a goge gwajin. In an kai ta can amma babu abin da ya faru, a buɗe Manage Rules a duba: wanda ya manta alamar `=` a farko zai tarar Excel ya kewaye fomular da alamomin zance, ya mayar da ita jimla maimakon lissafi.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram da Yamai masu Excel na Faransanci za su sami wurin da sunan Mise en forme conditionnelle. Dalar ba ta canzawa, amma sunayen umarnin suna canzawa, kuma waƙafi mai ɗigo ke raba sharuɗɗan:

```
=ET($D2<>"";$D2<AUJOURDHUI();$E2<$C2)
```

Idan aka tura takardar daga Kano zuwa Maraɗi babu abin gyarawa, Excel zai nuna fomular da harshen na'urar da ta buɗe ta. Sai wajen rubuta sabuwa ne bambancin ke tasowa.

Littafin bashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ranar da ya wuce layi na 200, sababbin layukan suna iya faɗawa wajen ƙa'idar su zauna fari ko da ranarsu ta wuce, don haka a riƙa leƙa Applies to ana ƙara lambar ƙarshen. Yawan yanke layi ana manna shi wani wuri kuma yana farfasa ƙa'ida ɗaya ta zama gutsattsari da yawa, kowanne da ɗan yankinsa. In aka buɗe Manage Rules aka zaɓi This Worksheet aka ga fomula ɗaya ta maimaitu sau bakwai, a goge shida, a mayar da yankin ta bakwan `=$A$2:$E$500`. Wajen kwafo bayani daga wata takarda, a yi amfani da Paste Special a zaɓi Values, don kada ya taho da nasa ƙa'idojin. Haka kuma idan wata safiya aka buɗe littafin aka tarar jan ya ɓace gaba ɗaya, a fara duba kwanan watan da ke kusurwar allo kafin a taɓa fomula. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin agogonta ya mutu takan koma wata shekara ta can baya duk lokacin da aka kunna ta, `TODAY()` kuma abin da agogon ya faɗa mata shi take ɗauka.